Dubu 50 gare ni: soɓo zan yi, ko kitso, ko saro atamfa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Mabera cikin garin Sakkwato, na kwashi adashi dubu 50 kuma ita ke nan gare ni. Na iya kitso da lalle daidai gwargwado, wata ƙawata ta ce in riƙa yin soɓo da kunun aya, wata kuma ta ce in saro atamfa in riƙa ɗorawa a sitatus. Don Allah wanne ya fi riba? Ina tsoron kuɗɗin su narke.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa albarka a abin da kika kwasa. Ki fara da kitso da lallen nan da ke hannunki, kar ki kashe masu fiye da dubu 10, atamfa kuma kar ki zuba mata ko sisi a yanzu, soɓo ki bar shi sai lokacin zafi ki gwada shi kaɗan. Amma bari in buɗe maki lissafin don ke ma ki iya auna kowace sana'a aka kawo maki gobe, saboda na daɗe ina saye da sayarwa kuma ina riƙe da adashin mata, kuma mafi yawan jarin da na ga ya mutu ba rashin riba ya kashe shi ba, makalewa ya yi a kaya ko a hannun mutane har mai shi ta rasa na sake sari.

Mai ƙaramin jari abu biyu ya kamata ta tambaya kafin ta tambayi riba. Naira ɗin da na fitar yau, kwana nawa za ta yi kafin ta dawo hannuna? Kuma in ba a saya ba, mi zan rasa? Mai miliyan tana iya jiran wata uku kayanta na ajiye ba ta ji komai ba, ke da dubu 50 in wata ɗaya ya wuce ba su juyo ba to cefane da kuɗɗin makarantar ɗiya za su fara gutsurar abin da ya rage.

Mu ɗauki atamfa tukun tunda ita ta fi jan ido. Farashin da zan sa misali ne, ke ki je Babbar Kasuwa ki sa na ranar. Mu ce turmi ɗaya matsakaici kin saro shi naira 9,000 za ki sayar 11,000. Da dubu 50 turmi 5 za ki samu a kan 45,000, sauran 5,000 sun tafi a kuɗɗin napep ko kabu-kabu zuwa kasuwa da dawowa, ko webil in daga Kantin Kwari ta Kano aka aiko maki, da data da leda da kai wa masu saye. A baki za a ce ai ribar dubu 10 ce. Kin ga tun ba ki sayar da ko ɗaya ba rabinta ta tafi. To ga abin da ya saba faruwa: sati na farko biyu za su fita da kuɗɗi hannu, kin kama 22,000. Na uku matar yayan maigida ko maƙwabciya za ta ɗauka ta ce sai an yi albashi, ba ki iya hana ta. Biyun da suka rage kalarsu ce ba ta yi wa kowa ba, duk wadda ta gani sai ta ce babu mai ruwan toka, babu irin ta wance? Mai turmi biyar ba ta da zaɓin da za ta ba mutane, mai saye kuwa zaɓi take so, kuma nan kusa akwai shago mai turmi ɗari biyu. Bayan wata ɗaya ki zauna ki ƙirga: 22,000 a hannu, 11,000 bashi, 18,000 kwance a akwati. A takarda ba ki faɗi ba, amma a zahiri jarinki mai aiki ya koma dubu 22, wanda ba ya sayen fiye da turmi biyu.

Sai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023 kaya suka riƙa tashi ba ji ba gani. Kin koma sari kin tarar da turmin 9,000 ya zama 10,000. To ribarki ba 2,000 ba ce, 1,000 ce, don ana auna riba ne da farashin da za ki mayar da kayan, ba wanda kika saya a da ba. Shi ya sa kaya mai jinkirin fita yake da haɗari ga mai ƙaramin jari, yana zaune farashi na tsere masa.

Ba cewa na yi ki manta da atamfa ba. Sayar da kayan wani iri biyu ne, kuma ƙawarki ta haɗe su wuri ɗaya. Akwai sari, ki biya ki kwaso, asara taki. Akwai dillanci, kaya na mai shago ne, ke taki ita ce nemo mai saye. Na biyun shi ne naki a yanzu. Ki samu mai shago ɗaya a kasuwa wanda maigidanki ko wani ɗan'uwa ya sani, ku yi magana a fili: zan riƙa ɗaukar hoton kayanka ina nuna wa mata, duk turmin da ya fita ta hannuna la'adata kaza ce. Wadda ta zaɓa ta turo kuɗɗi, ko aƙalla rabi, sannan ki je ki karɓo. Kuma ki tsaya a kan cewa ke wakiliyarsa ce da saninsa, saboda akwai hadisin da ya hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa, dillanci da la'ada sananniya shi ke fitar da ke daga wagga matsala, in kina son ƙarin bayani malaman unguwa sun fi ni. Inda dillanci ke ɓaci wuri biyu ne. Ki ɗora hoto da safe, da la'asar wata ta biya, ki je ki tarar an sayar da kayan, don haka kar ki karɓi kuɗɗin kowa sai kin kira kin tabbatar yana nan. Na biyu kalar hoto da ta ido ba ɗaya ba ce, ki ɗauki hoton da kanki a hasken rana, kar ki yi amfani da wanda aka gyara aka turo maki, in ba haka ba kaya za su dawo kuma sunanki ne zai ɓaci ba na mai shago ba.

Yanzu soɓo. Shi kishiyar atamfa ne, kuɗɗinsa na dawowa a yini ɗaya, amma in ya kwana bai fita ba yana iya zama asara gaba ɗaya. Ki ce za ki yi roba 40 ki sayar 200 kowace, 8,000 ke nan. Soɓo na 1,000, sukari na 1,800, citta da kanumfari da filebo 500, gawayi da ruwa 500, robobi 800, ƙanƙara 1,000, jimla 5,600. In duka sun fita ribarki 2,400 a yini, kuma wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne a kan jarin da bai kai dubu 6 ba. Amma ki raba 5,600 da 200 ki gani, 28 ne. Ma'ana roba 28 na farko duk uwar kuɗɗi kike mayarwa, ribarki gaba ɗaya tana cikin roba 12 na ƙarshe, su ne kuma masu wahalar fita, na yamma bayan ƙanƙara ta narke. Ranar da 10 suka rage kika ba yara suka shanye, naira 400 kika samu a aikin da kika fara tun asuba. In kuma a shagon wani kike ajiyewa yana cire 30 a kowace roba, wata 1,200 ta fita ko da an sayar da duka. Ban ma sa kuɗɗin kula ba, wadda za ta iya cin dubu 15 daga jarin tun ranar farko.

Kunun aya ya fi soɓo rigima nesa ba kusa ba. A zafin Sakkwato na Maris zuwa Mayu da rana ke haura digiri 40, in sanyi ya bar shi awanni kaɗan ne ya fara tsami, za ki ga roba ta kumbura, ki buɗe ta yi huci, ya fara yauƙi, to wannan ba na sayarwa ba ne ko an sake sanyaya shi, cikin mutane zai ɓata. Kuma wutar nan kin san halinta, mai firiza ma sai ta haɗa da sayen ƙanƙara, ita kuma ƙanƙara lokacin da kika fi buƙatarta, zafi da azumi, lokacin take tsada. Robobin da ake sayowa waɗanda aka sha aka yar su ma sai an wanke da sabulu da ruwan ɗumi an kife sun bushe, wanga aiki ne mai cin lokaci da ba wanda ke sa shi a lissafi. Sannan daga Disamba zuwa Janairu, hunturu na kaɗawa, wa zai sayi abu mai sanyi? Don haka sana'a ce ta lokaci kuma ta wuri. In gidanku na bakin makaranta ko kusa da tasha ko gareji inda maza ke aiki cikin rana, kuma kina da mai kai maki wanda ba za a cire shi daga makaranta don talla ba, to lissafin ya canza, soɓo na iya zama na farko. In kuwa cikin lungu kuke kuma gida uku a layin suna yi, ki haƙura da roba 40. Zafi ya shigo ki gwada 15 da kular aro na sati ɗaya, in suna ƙarewa kafin la'asar kwana biyar a jere sai ki ƙara biyar.

Mi ya sa na ce kitso? Don shi kaɗai ne a cikin ukun in yau ba wadda ta zo ba ki rasa komai ba sai zama. Babu abin da zai yi tsami, babu abin da yayinsa zai wuce a akwati. Kayan aikin duka, mataji iri biyu ko uku, kibiya, man kitso, madubi, kujera 'yar tsugunne da tabarma mai tsabta, garin lalle, salatif da reza na yanka zane, ba za su kai dubu 10 ba, wasu ma kina da su. Ki ce kai ɗaya naira 1,000, man da kika shafa na 100, saura 900 naki. Kai uku a yini 2,700, ya ɗara ribar soɓo a ranar da ta fi kyau, kuma ba ki sa 5,600 cikin haɗari ba.

Amma shi ma da iyakarsa, kuma gara ki sani tun yanzu. Hannu biyu gare ki. Ƙananan kitso na cin awa biyu har uku, ga girki ga yara, baya da yatsu na ciwo, ranar da kika kwanta zazzaɓi ko kika tafi biki ba sisi. Ba kullum ake samun kai uku ba, Alhamis da Juma'a da ƙarshen mako ake cika, sai jajibirin Sallah da lokacin bukukuwa da za ki rasa inda za ki sa kanki, Litinin da Talata kina iya yini ba kowa. Don haka ki yi lissafi da mako ba da yini ba. Kai 10 a mako 9,000 ne, a wata 36,000, ban da lalle. Shi ya sa kuɗɗin kitso ki sa shi bisa lokacin da yake ci, ba kai ɗaya farashi ɗaya ba, shuku ko kalaba mai manyan layi daban, ƙanana daban, kuma ki faɗi kuɗɗin kafin ki tsaga gashi, ba bayan an gama a fara "haba 'yar gida" ba. A lalle kuwa ki yi hankali da baƙi, wanda ake haɗawa da dayis na rina gashi, yana ƙona fatar wasu har ta yi ƙuraje da tabo. Sabuwar kwastoma ki ɗiga mata kaɗan a hannu kwana biyu kafin ranar, amarya musamman, in ya yi ja ko ƙaiƙayi ki tsaya ga ja kawai. Amarya ɗaya da hannunta ya kumbura ta isa ta rufe maki kasuwa a unguwa.

Kalmar nan da kika ce "daidai gwargwado" ita ce ta ɗan tsaya mani. Sana'ar hannu jarinta iyawa ce, kuma yabon 'yan'uwa ba shaida ba ne tunda kyauta ake masu. Shaidar ita ce baƙuwa ta biya, bayan sati biyu ko uku ta dawo, ko ta turo wata. Ki ba kanki wata ɗaya, ki riƙa rubuta sunan duk wadda ta zo. In cikin goma huɗu ko biyar sun dawo, hannunki ya zauna. In ba wadda ta dawo, ki bincika, ko dai kina jan gashi da zafi, ko kitson na warwarewa kafin sati, ko ana zaman jiranki kina kicin. Duk suna gyaruwa, kuma a nan ne zan yarda ki cire dubu 5 ki ba wata gwana ki zauna gefenta sati biyu kina kallo kina taya ta, wannan kashewar ta fi sayen kowane kaya amfani. In bayan haka ma shiru, to sai mu dawo kan dillanci da soɓo, kuma har lokacin mafi yawan jarinki na nan.

Abin da ya fi burge ni a kitso ma ba kuɗɗin kitson ba ne. Mace ce zaune gabanki awa biyu ba inda za ta, ta riga ta yarda da ke, kuma kina jin abin da take nema da bakinta. A nan sari ke shigowa, amma na ƙananan kaya masu saurin fita waɗanda ba su lalacewa: man gashi, man kaɗe, ribom da bid na yara, hular barci, kwalli, humra 'yar ƙaramar kwalba, turaren wuta ƙulli-ƙulli. Kar ki saro komai a sati biyun farko, ki saurara kawai, abin da mutum uku daban-daban suka tambaya shi za ki sayo, rabin dozin, ba katan ba. Dubu 10 zuwa 15 sun isa. Ki duba bambancin: abu na 500 da kika sayar 700 ribar 200 ce kacal, amma in dubu 10 ɗin nan ta juya sau uku a wata ta kawo 12,000, alhali dubu 45 na atamfa sun kawo ƙasa da rabin haka kuma kusan rabinsu na kwance. Hotunan atamfar dillanci ma ga waɗanga matan za ki fara nunawa, sun fi 'yan kallon sitatus saye.

Ke nan rabon kuɗɗin ya zama dubu 10 kayan aiki, dubu 10 zuwa 15 ƙananan kaya bayan sati biyu, dubu 25 ko 30 kuma su zauna a asusu daban wanda ba shi kike ba mutane su turo kuɗɗi ba, kuma ba kowa ya san da su ba. Za ki ji kamar ɓarna ce kuɗɗi na zaune. Ba ɓarna ba ce, su ne na sayen kaya kafin Sallah lokacin da ciniki ke ninkawa, su ne kuma za su hana ki cin bashin manhajojin waya masu ruwa ranar da wani abu ya taso. Kuma don Allah kar ki shiga sabon adashi mai zubin kullum a watan farko da sunan ai ina sana'a, zubi ba ya jiran ranar da ba ciniki, daga uwar kuɗɗi za ki riƙa cirewa.

Sai littafi. Na 'yan makaranta mai shafi 40 ya isa. Kullum ki rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita don sana'a har kuɗɗin kabu-kabu da cajin mai POS, da abin da kika ɗauka don gida ko da magi ne na 100. Na ukun nan shi ke cin jarin matan aure, ba sata ba ce, kawai baƙi sun zo, gas ya ƙare, maigida ya ce ara mani dubu biyu zuwa dare. Ki yanka wa kanki abin da za ki riƙa ɗauka, misali rabin kuɗɗin kitso naki ne ki yi yadda kike so, rabi ya koma jari, shi kuma maigida ki nuna masa littafin tun farko cikin ladabi don aron ya zama aro. Duk Juma'a da dare ki haɗa kuɗɗin hannu da na asusu da kayan da suka rage a farashin sari, bashi kar ki sa shi ciki sai ranar da aka biya. In jimlar ta haura 50,000 kina gaba. In ta yi ƙasa sati uku a jere alhali kina ciniki, ki duba shafin gida da na bashi, a ɗayansu matsalar take kusan kullum.

Bashi kuwa ba zan ce kar ki bayar ko kaɗan ba, a unguwa ba ya yiwuwa. A kitso in an ci ki lokacinki ne ya tafi, a kaya jarinki ne, don haka kaya kuɗɗi hannu, kitso kuma kai ɗaya tal, ba a yin na biyu sai an biya na farko. Jimlar bashin da ke waje kar ta wuce dubu 5. Wadda ta ce ta yi taransifa, ki buɗe asusunki ki ga kuɗɗin sun zauna kafin ta ɗauki kaya, hoton rasit da saƙon alat duk ana ƙirƙirarsu.

In wata uku sun cika ki sake turo mani abu uku daga littafin: kai nawa kike samu a mako, wane kaya ne ya fi saurin ƙarewa, da atamfa nawa suka fita ta dillanci. In kin kai turmi 6 ko 8 a wata ba da kuɗɗinki ba, kuma kin gane kalolin da matanki ke so, a lokacin za mu yi maganar ki fara saro biyu ko uku da ribar da kika tara, dubu 25 ɗin ajiya kuma su ci gaba da zama inda suke.